Mita Ɗaya Santimita Ɗari Ce, To Me Ya Sa Lissafin Tayil da Kankare da Tankin Ruwa Ke Rikicewa?

Da zarar damina ta ɗauke a Jos, aka koma kan gine-ginen da aka jingine, akwai ƙorafin da ba ya ɓacewa a majalisu: an sayo kaya bai isa ba, ko an sayo ya yi yawa har siminti ya daskare a ajiye. Mai gida ya zargi magini da cin kuɗi, magini ya ce mai shago ne ya rage kaya, mai shago ya ce abin da aka rubuto masa shi ya bayar. Ban ce babu ha'inci a harkar gini ba, akwai shi. Amma ni malamin lissafi ne a sakandare, 'yan uwa da maƙwabta kan kawo mini takardun irin wannan rigima in duba, kuma sau da dama abin da nake tararwa ba sata ba ce. Lissafi ne aka haɗa santimita da mita a layi ɗaya, ko aka ɗauki awon fili aka yi masa hukuncin awon tsawo.

Tambayar ita ce: kowa ya haddace cewa mita ɗaya santimita 100 ce. To me ya sa murabba'in mita ɗaya ba murabba'in santimita 100 ba ne? Me ya sa tankin da aka lissafa zai ci lita 36,000 ya cika ya tumbatsa tun tankar ruwa ba ta sauke rabin kayanta ba? Zan bi maganar ta kan gida guda, gidan da yayata ke ginawa a wajen Rikkos, domin yawancin kurakuran da nake son nunawa sun bi ta kansa.

Awo iri uku ne, ba ɗaya ba

Kafin a je ko'ina, sai an raba abubuwa uku da bakinmu ya saba kira da suna ɗaya.

Na farko awon tsawo. Igiya, waya, tsawon bango, duk abin da za ka ja tef a kansa sau ɗaya ka karanta lamba. Ma'auninsa mita, m, ko santimita, cm. A nan ne kaɗai dokar ɗari ke aiki yadda aka haddace ta.

Na biyu awon fili, wato yawan wurin da abu ya shimfiɗe ya rufe: daɓen ɗaki, fuskar bangon da za a yi wa fenti, gona. Ba ya samuwa sai ka ja tef sau biyu, tsawo da faɗi, ka ninka su. Ma'auninsa murabba'in mita, wanda masu tayil ke ce wa sukwaya mita, ana rubuta shi m². Ka zana akwati a ƙasa, mita ɗaya ta nan, mita ɗaya ta can, wannan shi ne murabba'in mita ɗaya, wurin da mutum biyu za su zauna a ɗan matse. Shi kuwa murabba'in santimita, cm², bai wuce girman farcen ƙaramin yatsa ba. Yanzu ka tambayi kanka: farce nawa za a jera su rufe wancan akwatin? Idan ka jera guda 100, layi ɗaya tak ka yi a gefe, siriri kamar bakin tabarma. Kana buƙatar irin wannan layin har 100 kafin akwatin ya rufe. Ɗari sau ɗari, dubu goma. Ke nan 1 m² = 10,000 cm².

Na uku awon ciki, abin da wuri zai ɗauka ko abin da zai cika shi: ruwa a tanki, yashi a tifa, kankare a daɓe. A nan tef sau uku ake ja, tsawo da faɗi da zurfi. Ma'auninsa kubik mita, m³, akwatin da kowane gefensa mita ɗaya ne. Ƙaninsa kubik santimita, cm³, ɗan dunƙule ne da bai kai dunƙulen magi ba. Ka shimfiɗa irinsa 10,000 a gindin akwatin, kaurin santimita ɗaya kawai ka rufe, saura hawa 99. Dubu goma sau ɗari, miliyan ɗaya: 1 m³ = 1,000,000 cm³.

Ka ga ɗarin ba ta canza ba. Sau nawa ka ja tef, sau nan za ka ninka ta. Ɗan biyun nan da ukun nan da ake ɗorawa a saman harafi ba ado ba ne, su ke gaya maka sau nawa.

Falon Yaya da katan goma

Falon gidan tsawonsa mita 5.4, faɗinsa mita 4.2. Tayil ɗin da ta zaɓa mai 60 sau 60 ne, wato santimita 60 kowane gefe, guda huɗu a katan. Ka lura tun daga nan: an auna ɗaki da mita, an rubuta tayil da santimita. Haka kasuwa take, kuma nan ne tarkon yake.

Ɗanta yana aji biyu a babbar sakandare, don haka shi aka ba aikin. Ya fara daidai: 5.4 × 4.2 = 22.68 m². Sai ya koma kan tayil: 60 × 60 = 3,600 cm². Nan ma daidai. Da ya zo mayar da wannan zuwa mita, sai ya raba da 100, ya samu 36. Wato tayil ɗaya murabba'in mita 36 ne, ya fi falon gaba ɗaya girma. Yaron yana da hankali, ya ga wannan ba zai yiwu ba, ya soke. Irin wannan kuskuren ba ya ba ni tsoro, domin shi ke tona kansa.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya ci kuɗi. Ya ce to bari ya mayar da 60 zuwa mita tukuna, ya samu 0.6, wanda daidai ne. Sai ya raba 22.68 da 0.6, ya samu 37.8. Ya ce tayil 38, katan goma ma har da saura. Lamba ce mai kyan gani, ba ta yi yawa ba, ba ta yi kaɗan ainun ba. Yaya ta je kasuwa ta sayo katan goma.

Ran da mai tayil ya zo, ya shimfiɗa layi biyar, ya fara na shida, kwali ya ƙare. Ya miƙe yana share hannu ya ce, "Hajiya, ina sauran kayan?" Ta ce ai shi ke nan, an lissafa. Ya ce, "Wallahi Hajiya wannan bai kai ko'ina ba, sai an ƙaro kamar katan shida ko bakwai." A ranta ta riga ta yanke cewa ko an ɗauke wasu a mota, ko yana son ya rage ya kai wani aikin. Da yamma ta kira ni, na je da tef.

Na ce wa yaron ya ajiye kalkuleta. Tsawon falon santimita 540 ne, tayil nawa mai 60 zai jeru a kai? Ya ce tara. Faɗin santimita 420 ne, nawa zai jeru? Ya ce bakwai. Na ce tara sau bakwai fa? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, sittin da uku ne." Ya dubi takardarsa ya ce, "To ina na ɓata? Ai na mayar da shi mita."

Ya mayar da gefe ɗaya ne, bai mayar da tayil ɗin ba. Lambar 0.6 tsawon gefe ce, ita kuwa 22.68 fili ce. In ka raba fili da tsawo, abin da zai fito tsawo ne, ba adadin tayil ba. Waccan 37.8 ɗin tana da ma'ana, amma wata ma'anar daban: da za a yanyanka falon zuwa layuka masu faɗin tayil ɗaya a jona su, za su yi tsawon mita 37.8. Filin tayil ɗaya kuwa 0.6 × 0.6 = 0.36 m² ne, kuma 22.68 ÷ 0.36 = 63. Da ya bi hanyarsa ta farko ma ya raba 3,600 da 10,000 maimakon 100, da 0.36 ɗin nan zai samu. Da ya ga dama ya yi komai a santimita: 540 × 420 = 226,800, a raba da 3,600, 63 ne dai. Hanya uku, amsa ɗaya.

Guda 63 katan 16 ne, kuma ba a sayen tayil cif-cif, domin akwai wanda zai fashe, akwai wanda za a yanka a bakin ƙofa, akwai na gindin bango. Masu sana'ar kan ƙara kamar ɗaya bisa goma, wato a nan katan 18. Mai tayil ɗin da aka fara zargi, ƙiyasin da ya yi da ido ya fi na takarda kusa da gaskiya.

Kankare, inda kauri ke shigowa da nasa awon

Da na ga haka sai na nemi sauran takardun, har da na daɓen kankaren da aka zuba tun farko, in ga ko an tsira a can. An tsira, amma don magini ne ya yi ƙiyasin da kansa. Da an ba biro, ga ramukan da ke jira.

Daɓe ana faɗin tsawonsa da faɗinsa da mita, amma ba wanda ke faɗin kaurinsa da mita. Za a ce santimita 10, ko kuma, kamar yadda magina suka fi faɗa, inci huɗu. Lissafi na daidai shi ne a mayar da kaurin mita: santimita 10 ita ce 0.10 m. Sai 22.68 × 0.10 = 2.268 m³. A kwaɓin da aka saba, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kubik mita ɗaya na cin kusan buhu shida na siminti mai kilo 50. Falon ke nan zai ci kamar buhu 14.

Wanda ya manta ya ninka da 10 kai tsaye zai samu 226.8, siminti sama da buhu 1,300, kayan da ya fi ƙarfin tirela guda. Wannan ma zai tona kansa. Masu haɗarin su ne ƙananan. Mutum ya ji an ce inci huɗu, ya san dole a sa ɗigo, sai ya rubuta 0.4. Amma 0.4 m santimita 40 ce, kusan tsawon bulo guda. Lissafinsa zai ba shi kubik mita tara da ɗoriya, buhu wajen 54. Ninki huɗu ke nan, kuma mai gidan da bai taɓa gini ba, in aka ce masa falo zai ci buhu hamsin da 'yan kai, ba lalle ya ji wani abu ba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, inci huɗu santimita goma ne da ɗan gutsure, wato kusan 0.1 m.

Sai kuma wanda na fi gani a takardun ɗalibai da na manya baki ɗaya: santimita 5 a rubuta ta 0.5. A'a, 0.5 rabin mita ne, santimita 50. Santimita 5 ita ce 0.05. Haka bangon da tef ya nuna mita 4 da santimita 5, sai ka ga an rubuta 4.5, an ƙara masa santimita 45 da ba shi da su. Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su tuna naira da kwabo, tunda kwabo 100 ke yin naira ɗaya kamar yadda santimita 100 ke yin mita. Naira huɗu da kwabo biyar 4.05 ake rubutawa, naira huɗu da kwabo hamsin ita ce 4.50. Gurbi biyu ne a bayan ɗigo, dole a cika su duka.

Kuskuren kan juya ta ɗaya gefen ma, kuma wannan ya fi damuna. In lissafi ya ba da siminti ƙasa da abin da ake buƙata, ba kowane mai gida ke komawa kasuwa ba. Wani sai ya ce a lallaɓa da abin da ke akwai, a ƙara yashi, a rage kauri. A daɓen falo sakamakon tsagewa ne da ɓarewa. A rufin kankare na bene kuwa, rayukan mutane ne ke kwana a ƙarƙashinsa.

Tankin ƙasa da lita dubu talatin da shida

Duk wanda ya san yadda rijiyoyin unguwanni da dama a Jos ke ja baya in rani ya tsananta, ya san dalilin da Yaya ta dage sai an gina mata tankin ƙasa a tsakar gida. A takarda an rubuta: tsawo mita 2, faɗi santimita 150, zurfi santimita 120. A ƙasa, da biro ja, lita 36,000. Ta yi ta murna, har tana maganar za ta riƙa kiran tankar ruwa sau ɗaya ta huta wata da watanni.

An samo lambar ce ta ninka 2 × 150 × 120. Kalkuleta ba ta san ɗaya mita ce biyu santimita ba, abin da aka danna mata shi ta ninka. Wannan 36,000 ba lita ba ce, ba kubik mita ba ce, ba kubik santimita ba ce. Ba ta da sunan da za a kira ta da shi a kasuwa.

Lita ita ce abin da zai cika akwatin da kowane gefensa santimita 10 ne, wato 10 × 10 × 10 = 1,000 cm³. Shi ya sa mililita ɗaya da kubik santimita ɗaya abu ɗaya ne, kuma shi ne cc ɗin da ake gani a jikin sirinji. Irin wannan akwatin goma ke jeruwa a tsawon mita, goma a faɗi, goma a tsaye, don haka kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, jarka 40 mai lita 25. Wannan lambar ta cancanci a riƙe ta a ka.

To tankin Yaya: 2 × 1.5 × 1.2 = 3.6 m³, wato lita 3,600. Jarka 144. An zuzuta shi ninki goma. Abin da ya sa wannan kuskuren ke wucewa ba a kama shi ba, lambobin iri ɗaya ne, uku da shida, sifili ne kawai ya ƙaru, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka hango girman lita dubu talatin da shida. Ɗaki ne guda mai mita 4 sau mita 3, cike da ruwa har tsayin mita 3.

Ban gama ba sai da na tambayi magini, "Malam, wannan awon na ciki ne ko na waje?" Ya ce na ramin da aka haƙa ne. Bulo mai inci tara za a jera, kaurinsa santimita 22.5, kuma bango biyu ne ta kowace fuska, don haka tsawo da faɗi kowanne zai rasa santimita 45. Ciki zai koma 1.55 sau 1.05. In zurfin ruwan ya tsaya a 1.2, abin da zai rage 1.55 × 1.05 × 1.2, kusan 1.95 m³, bai kai lita 2,000 ba, tun ba a yi filasta ba. Santimita 45 ba ta da yawa a ido, amma ta cinye kusan rabin tankin, domin a awon ciki ragin da aka yi a kowane gefe ninkuwa yake da na ɗan uwansa. Haka ƙari ma: ka ninka tsawo da faɗi da zurfi kowanne sau biyu, tankin ba ninki biyu zai ci ba, ninki takwas ne. Allah ya sa ba a fara jera bulo ba, aka ƙara faɗaɗa ramin.

Laifin wa?

Malamai 'yan uwana sukan ce yara ne ba sa nutsuwa. Iyaye su ce malamai ne ba sa koyarwa. Magina kuma su ce ai ga shi nan, boko bai iya gini ba, ido ya fi biro. Kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma ni ina ganin rabon da ya fi girma namu ne, mu masu alli. Muna rubuta 1 m² = 10,000 cm² a allo, yara su kwafa, su haddace, jarrabawa ta wuce su manta, alhali ba mu taɓa fitar da su tsakar makaranta mun zana murabba'in mita a ƙasa sun tsaya a ciki ba. Yaron da ya taɓa tsayawa cikin akwatin nan da ƙafarsa ba zai ce tayil ɗaya ya kai 36 irinsa ba, ko na daƙiƙa ɗaya. Masu shirya tambayoyin zaɓi a jarrabawa sun san wannan raunin sarai. Shi ya sa za ka ga amsoshi huɗu duka da lambobi iri ɗaya, 36 da 360 da 3,600 da 36,000, kowace tana jiran mai irin kuskurenta.

Harshenmu na yau da kullum ma yana da hannu. Ka shiga shagon tayil, za a tambaye ka "mita nawa kake so?", ana nufin murabba'in mita, an haɗiye kalmar don sauri. Mai sayar da waya a shagon kusa zai yi maka tambaya iri ɗaya, shi kuwa tsawo yake nufi. Ga tef ɗin kansa, gefe ɗaya inci, gefe ɗaya santimita, yaro ya riƙe can ƙarshe ya karanto "arba'in da takwas", ba wanda ya tambaye shi na wane gefe. Muna rayuwa da awo biyu a lokaci ɗaya: bulo da katako da inci, fili da ƙafa, tayil da santimita, zanen injiniya kuma sau da yawa da milimita, inda ɗakin mita 5.4 zai fito a rubuce 5400.

Game da maganar magina kuwa, gaskiya ne idonsu ya ceci Yaya sau biyu. Amma ido yana aiki ne a kan abin da ya saba gani. Magini ya zuba daɓen falo sau ɗari, ya san abin da zai ci. Ka ba shi tanki mai siffar da bai taɓa ginawa ba, sai ya koma ga takarda kamar kowa. Kuma mai gidan da ba zai iya duba lissafi da kansa ba yana tsaka mai wuya: ba shi da hanyar kama mai cutarsa, ba shi da hanyar wanke mai gaskiya. Zargin da Yaya ta yi wa mai tayil bai fita daga bakinta ba, amma a gidaje da dama yakan fita, a kori mutum daga aiki a ɓata masa suna a unguwa saboda wani ya raba da 0.6.

Ciwon ɗaya ne a cinikin fili

A taƙaice, domin abin da aka riga aka faɗa ne ya sake kaya. Fulotin da muke ce wa hamsin sau ɗari, ƙafa ake nufi, murabba'in ƙafa 5,000. Takardun safiyo da tallan filaye, musamman a Abuja, da murabba'in mita suke zuwa. Mita ɗaya kusan ƙafa 3.28 ce, sai mutum ya raba 5,000 da 3.28 ya samu 1,524, ya ɗauka filinsa ke nan. Rabawa sau biyu ake yi, wato da kusan 10.76, kuma amsar wajen murabba'in mita 465 ce. Ka gwada ta ɗaya hanyar: ƙafa 50 mita 15.24 ce, ƙafa 100 mita 30.48 ce, ka ninka su za ka faɗa wuri ɗaya. Haka kuma filin da aka ce murabba'in mita 100 ne, mita 10 ne sau mita 10, ɗan wurin da gida ƙarami zai zauna. Mai mita 100 sau mita 100 kuwa hekta guda ce cur, murabba'in mita 10,000.

Yadda ake kama kuskuren kafin a biya kuɗi

Akwai masu son a ninka tukuna sannan a sauya ma'auni a ƙarshe. Ba laifi ba ne, amma hanyar tana buƙatar ka tuna ko da 100 za ka raba, ko 10,000, ko miliyan, kuma a nan ne ƙafa ke zamewa. Ni abin da nake koyarwa shi ne a sauya tun farko, lokacin da kowace lamba tsawo ce kawai. Ka jera awonka, ka mayar da kowanne mita ta rabawa da ɗarin da kowa ya sani, sannan ka taɓa alamar ninkawa. In ka yi haka, dubu goma da miliyan ba za su ma taso ba, lissafin ne zai ɗauke su da kansa.

Sannan kada lamba ta tsaya ita kaɗai a takarda. A rubuta mata ma'auninta a kowane layi, a ninka ma'aunan kamar yadda ake ninka lambobi: m sau m ya ba da m², m² sau m ya ba da m³. Da ɗan Yaya ya rubuta m² ÷ m, da ya ga amsarsa ta fito da m a gefe, alhali adadin tayil ba shi da ma'auni, ƙidaya ce kawai. Da mai lissafin tanki ya rubuta m × cm × cm, da idonsa ya tsaya a kai.

Na ƙarshe shi ne a kai amsar wurin aikin a gwada ta da abin da aka sani. Tayil mai 60 sau 60, kusan guda uku ke rufe murabba'in mita, to falo mai murabba'in mita ashirin da 'yan kai ba zai ci ƙasa da sittin ba. Kubik mita ɗaya jarka 40 ce, kuma nauyin ruwanta tan ɗaya ne. Wannan na biyun ya zama dole ga duk mai shirin ɗora tanki a sama: tankin roba mai lita 2,000, in ya cika, tan biyu ne zaune a kan ƙarafan da mai walda ya haɗa, kuma ya kamata a gaya masa wannan lambar kafin ya yanka ƙarfe.

Katan takwas ɗin da Yaya ta koma ƙarowa, ba ta samu daga zubin farko ba, wancan ya ƙare a shagon. Launin ɗaya ne a suna, amma sabon ya ɗan fi duhu. Mai tayil ya yi dabara ya tura su can ƙurya inda kujeru za su zauna. In rana ta shigo ta tagar gabas da safe, ana ganin inda layi na shida ya fara.